Notis ɗin tashi ya zo a hoto: yadda za ka ba mai gidan haya amsa a rubuce

Tambaya: Barista, ina gaisuwa. Ina haya a Kubwa tun 2022, kuɗin shekara nake biya duk 1 ga Maris, bana na biya naira 900,000. Ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba, sai rasit da alat. Ina Kano wajen sarin kaya ranar 3 ga Nuwamba iyalina ta turo mini hoton wata takarda ta Turanci da aka liƙa a ƙofarmu. Ɗan yayana ya karanta mini, wai in tashi kafin 31 ga Disamba, 2025. Ga hoton nan na haɗa. Ba na son rigima da Alhaji, amma ba ni da wurin komawa yanzu. Me zan rubuta masa?

Amsa: Malam, ina amsawa, Allah ya kawo mafita. Ka yi daidai da ka tsaya ka fahimci takardar kafin ka ɗaga waya, domin a irin wannan magana abin da mutum ya faɗa a kwana biyun farko shi ne yakan dawo ya ɗaure shi.

Na duba hoton da kyau. Ɗan yayanka ya karanta daidai. A saman takardar an rubuta NOTICE TO QUIT da manyan baƙaƙe, wato sanarwar kawo ƙarshen haya, kuma ita ce takarda ta farko cikin jerin da doka ta shimfiɗa. Ba sammaci ba ce, ba kuma umarnin kotu ba ce: babu sunan wata kotu a samanta, babu kuma lambar ƙara. Akwai wata takarda ta biyu da takan biyo baya, mai dogon suna, NOTICE OF OWNER'S INTENTION TO APPLY TO RECOVER POSSESSION, wadda ke ba da kwana bakwai, ita ma gargaɗi ce cewa mai gida zai tafi kotu. Sai waɗannan biyun sun cika sannan a shigar da ƙara, alƙali ya saurari kowa, ya yanke hukunci, ma'aikatan kotu su zartar. Kai yanzu a matakin farko kake. Ka gaya wa iyalinka haka yau ɗin nan, hankalinta ya kwanta, don ita ce a gidan.

Abu biyu ne hoton bai nuna mini ba. Salatif ɗin da aka liƙa takardar da shi ya rufe kusurwar sama ta dama, ko da yake ana iya ganin 20 ga Oktoba a ƙarƙashinsa, sannan ƙasan takardar ya yanke daidai inda sa hannu yake, sai rabin wata kalma da ta yi kama da sunan ofishin ejan. A ciro takardar a hankali, a shimfiɗa ta a kan tebur, a ɗauke ta gaba da baya, a adana ta cikin leda. Hoton farko kuma kada a goge shi daga wayar iyalinka, saboda shi ne ke ɗauke da ranar da takardar ta iso. Tsakanin ranar da aka rubuta a jikinta da ranar da aka liƙa ta akwai mako biyu cur, kuma lissafin wa'adi daga ranar isowa yake farawa.

Kubwa tana cikin Babban Birnin Tarayya, don haka dokar da ke aiki a kanka ita ce ta Abuja ta karɓar gida daga hannun ɗan haya, wadda za ka samu da sunan Recovery of Premises Act. Na faɗi wannan ne saboda mutanenmu da yawa suna aiki a Abuja amma suna kwana a Mararaba ko Masaka, waɗanda ke Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla na Jihar Neja, kuma kowace jiha da tata dokar. Sashe na 8 na dokar Abuja ya ce idan ɓangarorin biyu ba su yi wata yarjejeniya a kan tsawon notis ba, mai hayar mako ana ba shi mako guda, mai hayar wata wata guda, mai hayar wata uku-uku wata uku, mai hayar shekara kuwa rabin shekara. Sashen ya ƙara da cewa in babu wata shaida daban, yadda ake biyan kuɗin ko yadda ake neman sa shi ke nuna irin hayar. Rasit ɗinka na shekara huɗu a jere, kowanne a watan Maris, sun isa su nuna kai ɗan hayar shekara ne.

To, sai mu yi lissafi. Shekarar da ka biya ta fara 1 ga Maris, 2025, za ta ƙare 28 ga Fabrairu, 2026. In Alhaji yana son gidansa a ƙarshen wannan shekarar hayar, kamata ya yi notis ɗin wata shida ya shiga hannunka kafin watan Agusta ya fita. Wanda aka liƙa maka, daga 3 ga Nuwamba zuwa 31 ga Disamba, kwana 58 ne, bai ma cika wata biyu ba. Ban da gajarta, ranar da ya yanka ta faɗo cikin lokacin da ka riga ka biya: Janairu da Fabrairu naka ne, naira 150,000 ke nan a kan 75,000 kowane wata. Wannan na biyun shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a hannunka, kuma ita ce wadda Alhaji zai fi saurin ganewa ko da bai taɓa buɗe littafin doka ba.

Akwai kuma maganar wanda ya sa hannu. Dokar ta yarda ejan ya ba da notis idan shi ne wanda mai gida ya saba sa wa ya ba da hayar gidan ko ya karɓi kuɗin haya, ko kuma an ba shi izini na musamman a rubuce da sa hannun mai gida. Idan ejan ɗin da kake tura wa kuɗi duk shekara ne, babu abin ja a nan, ka bar maganar. Idan baƙon suna ne, ko wani lauya da ba ka sani ba, kana da damar neman a nuna maka takardar izinin, kuma layi ɗaya ya isa a wasiƙar.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, domin a nan ne 'yan haya da yawa suke cutar kansu. Za ka ji masu cewa tunda notis ɗin ya gaza, ka yi shiru abinka, in an je kotu alƙali zai kore ƙarar, Alhaji ya sake sabon lissafi har zuwa Fabrairun 2027. Da can haka abin yake tafiya, an sha korar ƙara saboda notis ya gaza da 'yan kwanaki. Amma a 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Pillars da Desbordes, wadda ta taso daga Legas, inda Mai Shari'a Ogunwumiju ta bayyana cewa da zarar mai gida ya shigar da ƙarar neman gidansa an kuma kai wa ɗan haya sammaci, wannan kansa ya zama sanarwa, kuma yana gyara kuskuren da ke cikin notis ɗin farko. Lauyoyi na ta muhawara a kan iyakar wannan magana har yau, amma lauyan kowane mai gida a Abuja zai ɗauko ta, kuma alƙalai suna sauraro. Abin da gazawar notis take ba ka yanzu shi ne lokaci da ƙarfin ciniki. Ba ta ba ka gidan. Kuma duk kwanan da ka ƙara bayan hayarka ta ƙare, kotu tana iya sa ka biya kuɗin zamansa, galibi a kan farashin hayar da kake biya, wani lokaci ma fiye in mai gida ya kawo shaidar cewa farashin unguwar ya tashi.

Saboda haka ra'ayina shi ne wasiƙarka ta yi aiki biyu a lokaci guda: ta rubuta ƙin amincewarka da ranar 31 ga Disamba tare da dalili, sannan ta miƙa wa Alhaji wata rana ta gaskiya wadda za ka iya cikawa. Ƙarshen Fabrairun 2026 zai faɗo cikin azumi, Ƙaramar Sallah kuma wajen 20 ga Maris, ba lokacin ɗaukar kaya da yara ba ne. Ranar 30 ga Afrilu ta fi dacewa a ganina. Ta kusa cika wata shida daga ranar da takardar ta iso, don haka babu mai cewa ka nemi abin da ya wuce kima, kuma za ka biya Maris da Afrilu, naira 150,000. In ka san Afrilu ba za ta yiwu ba, ka sa Mayu ko Yuni tun yanzu. Kada ka rubuta ranar da za ka saɓa, domin ranar da ka rubuta da hannunka ta fi notis ɗin ejan ƙarfi a kanka.

Ga yadda zan tsara ta, ka cike guraben da na bari:

7 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Alhaji ……, mai gida mai lamba ……, Kubwa, Abuja.
Kwafi ga: ……, ejan.

Amsa kan takardar tashi mai ɗauke da kwanan wata 20 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali.

Ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025, aka liƙa wata takarda a ƙofar gidan da nake haya, a lokacin ba na gari. Takardar ta nemi in bar gidan zuwa 31 ga Disamba, 2025.

Ni ɗan hayar shekara ne a wannan gida tun 1 ga Maris, 2022. Na biya kuɗin hayar bana, naira 900,000, wanda ya ɗauki daga 1 ga Maris, 2025 zuwa 28 ga Fabrairu, 2026. Na haɗa kwafin rasit da shaidar tura kuɗin. Babu bashin haya a kaina.

Cikin girmamawa, ban amince da ranar 31 ga Disamba ba, saboda ta faɗo cikin lokacin da na riga na biya, kuma wa'adin da aka ba ni bai kai wata shida da doka ta tanadar wa ɗan hayar shekara ba.

Duk da haka, na fahimci Alhaji yana bukatar gidansa, kuma ba ni da niyyar jayayya. Ina ba da shawarar in miƙa makullai ranar 30 ga Afrilu, 2026. Zan biya kuɗin Maris da Afrilu a kan naira 75,000 kowane wata, jimla 150,000, kafin 1 ga Maris. Wannan shawara za ta fara aiki ne idan Alhaji ya amince da ita a rubuce. Kafin nan, ban bar wani haƙƙi da doka ta ba ni ba.

Ina roƙon mu duba gidan tare kafin ranar miƙa makullai, mu karanta mitar wuta, a kuma sanar da ni yadda za a mayar mini da kuɗin ajiya na gyaran ɓarna da na bayar lokacin shiga.

Ina sa ran amsa cikin kwana goma sha huɗu. Na gode da zaman mutuncin da muka yi.

Wassalam,
Suna, sa hannu da lambar waya.

Ka lura da abin da babu a cikinta, domin da gangan na cire. Babu "na karɓi notis ɗinku na gode", sai dai bayanin yadda takardar ta iso da ranar da ta iso. Babu "don Allah a taimaka a ƙara mini lokaci". Na san bakinmu ya saba da wannan, kuma ladabi ne mai kyau idan kana zaune a gaban dattijo, amma a kan takarda lauya zai karanta shi a matsayin ka yarda ranar 31 ga Disamba daidai ce, alfarma kawai kake nema. Ladabin yana nan a gaisuwa da rufewa da kuma yadda ka kira shi, tsakiyar kuwa kwanan wata ne da lissafi. Babu maganar rufin da ke yoyo ko famfon da ka gyara da kuɗinka; in kana da irin wannan ƙorafi ka ware masa takarda daban da rasit ɗinsa, kada ya janye hankali daga batun rana. Babu kuma ambaton kotu ko 'yan sanda.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai da ƙarfi: ko ka ji ana raɗe-raɗin cewa gidan na gado ne, ko an sayar, ko 'yan uwan Alhaji na rigima a kansa, kada ka rubuta kalma ɗaya da ke nuna shakka a kan cewa shi ne mai gidan. Ɗan hayar da ya musanta mallakar wanda ya ba shi haya yana iya rasa kariyar da doka ta ba shi, har da haƙƙin notis ɗin da muke magana a kai. In wani ya zo ya ce shi ne sabon mai gida, ka ce a kawo maka takarda daga Alhaji, shi ke nan.

Wanda zai juya maka wasiƙar zuwa Turanci yana iya cewa a rubuta WITHOUT PREJUDICE a samanta, don ya ga lauyoyi suna yi. A wannan wasiƙar ban ba ka shawara ba. Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a gabatar wa kotu maganar da ke cikin takardar sulhu mai ɗauke da wannan rubutu. Kai kuwa so kake, in har an kai ga alƙali, ka ɗaga wasiƙar ka nuna cewa tun makon farko ka faɗi matsayinka, ka kawo rana, ka kuma yi tayin biya. Jimlar nan da ta ce shawarar sai Alhaji ya amince a rubuce, ita ce ke tsare ka.

Batun harshe kuwa, ka aika da biyu. Turanci shi ne harshen rubutun kotunan da ke sauraron irin wannan ƙara a Abuja, kuma da shi aka rubuto maka, don haka ta Turancin ce za ta shiga fayil. Ta Hausar kuma ita ce Alhaji zai karanta da kansa ko a karanta masa ba tare da ejan ya tsaya a tsakani ba, kuma sau da yawa mai gida bai ma san irin ranar da ejan ya yanka da sunansa ba. Bayan an fassara, ka sa wani mutum daban, wanda bai ga ta Hausar ba, ya karanta ta Turancin ya mayar maka da ita Hausa da baki. Ka saurari ranaku huɗu, 3 ga Nuwamba, 31 ga Disamba, 28 ga Fabrairu da 30 ga Afrilu, da adadi uku, 900,000 da 75,000 da 150,000. In ɗaya ya kauce, a gyara kafin ka sa hannu. Watanni a rubuta su da suna, kada a yi 3/11 ko 11/3.

Wajen kaiwa, ka buga kwafi biyu-biyu. Wanda ya karɓa, Alhaji ne ko ejan ko yaron ofis, ya rubuta sunansa da rana ya sa hannu a kan naka kwafin. In an ƙi sa hannu, kada a yi musu: ka tura ta kamfanin aika saƙo mai ba da rasit da shaidar isarwa, sannan ka ɗauki hotonta ka tura wa Alhaji da ejan ta WhatsApp a ranar. Saƙon waya shaida ne da kotu ke karɓa, amma yana da sharuɗɗansa a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida, shi ya sa takarda mai sa hannun karɓa ta fi sauƙin aiki. In da hali ka dawo daga Kano ka kai da kanka, tare da wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko wanda ya haɗa ku tun farko. Baki ya yi gaisuwa da bayani, takarda ta riƙe ranaku. Duk abin da aka amince a zaman, a rubuta shi a ƙasan kwafinka a sa hannu kafin a tashi.

In Alhaji ya amince, sai ka biya 150,000 ɗin ta banki, ka rubuta a wurin bayanin tura kuɗin cewa na Maris da Afrilu 2026 ne, ka karɓi rasit. Kada ka ɗauka cewa karɓar kuɗin nan ta sabunta maka shekara. A shari'ar Pillars ɗin nan Kotun Ƙoli ta ce karɓar kuɗi bayan notis, shi kaɗai, ba ya nufin mai gida ya janye notis ɗinsa. In kwana goma sha huɗu suka wuce shiru, ka aika gajeren tuni mai layi uku, ka ci gaba da neman gida kamar an amince. In ya ƙi karɓar kuɗin Maris, kada ka taɓa su, ka bar su a asusu, ka rubuta masa cewa suna nan a ajiye.

Ranar da takardar kwana bakwai ta iso, ko sammaci daga kotun gunduma, maganar ta wuce wasiƙa. Ka kai wa lauya duk takardun a makon, rasit huɗun nan, asalin notis ɗin, hoton farko da kwafin wasiƙarka mai sa hannun karɓa. In kuɗin lauya ya yi maka nauyi, ka je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, hedikwatarta tana Abuja, ka nemi su duba ko ka cancanci taimakonsu. Babbar Kotun Abuja kuma tana da sashen sulhu inda ake zaunar da mai gida da ɗan haya a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. Sammaci dai ba a ƙin amsa shi, domin in ba ka je ba za a iya yanke hukunci a bayanka.

Idan kuma kafin kotu ta ce komai wani ya zo ya canza kwaɗo, ko ya yanke wuta da ruwa, ko ya cire ƙofa ko kwanon rufi, ko ya fitar da kaya waje, wannan doka ba ta yarda da shi ba ko da notis ɗin ya cika ya ƙare, kuma kotuna sun sha sa masu gida biyan diyya a kansa. Ka gaya wa iyalinka kada ta yi faɗa da kowa, kada kuma ta sa hannu a wata takarda da aka miƙo mata a bakin ƙofa. Ta ɗauki bidiyo, ta kira maƙwabta biyu su gani da idonsu, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, kai kuma ka kira lauya kafin dare.